Sunan Da Ba A Yanka Wa Rago Ba

Gaduwa, Abuja
Lahadi, 19 ga Satumba, 2021

Zuwa ga 'yar uwata Hajiya Saudatu, Bakori.

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ki da ƙarfin jiki, ke da Sumayya da duk mutanen gida. Mu a nan lafiyar jiki akwai, alhamdu lillahi. Matata Hajiya, mahaifiyar yaron, tana cin abinci kaɗan, tana kuma amsa gaisuwa.

Salisu direba ya kawo muku labari da baki, tun da an rufe layukan waya a wajenku. Na san bai faɗa muku yadda abin ya auku ba, domin shi ma bai sani ba. Ke uwar matar ɗana marigayi ce, Sumayya kuwa tana ɗauke da cikinsa, saboda haka haƙƙinku ne ku sani dalla-dalla.

Ranar Talata, 14 ga wata, ya fito daga gidansa na Mararaba da ƙarfe shida da rabi na safe zai tafi aiki. Da ƙarfe bakwai saura kwata, cikin cunkoson gangaren Nyanya, wata tifa mai ɗauke da yashi birkinta ya shanye, ta bi ta kan motoci huɗu. Tasa ce ta biyu. An kira ni da ƙarfe takwas da minti goma, ina kan hanyar ofis. Likita ya ce bai kai asibiti da rai ba, kuma ya ce bai daɗe yana jin zafi ba. Na tambaye shi wannan sau biyu. An yi masa salla bayan la'asar, aka binne shi a maƙabartar Gudu. Shekararsa talatin da ɗaya da wata huɗu.

Akwai abu ɗaya da ya faru a asibiti wanda ban faɗa wa kowa ba. Ma'aikacin ɗakin ajiye gawa ya ɗauki biro ya tambaye ni sunan mamacin. Na tsaya ina kallonsa. Ɗan fari ne, kin sani, tun ranar da aka raɗa masa suna bai taɓa fita daga bakina ba. "Kai yaro" nake cewa, da ya gama jami'a na koma "Injiniya". Mutumin ya sake tambaya da Turanci, yana zaton ban ji ba. Sai Yamusa direbana ya matso ya ce, "Oga ba ya iya faɗa, ni zan faɗa. Ni ne na kai shi firamare." Shi ya faɗa, aka rubuta.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Hoton ciki ya nuna namiji Sumayya za ta haifa, cikin watan gobe in Allah ya yarda. Na san al'adar garinmu: yaron da uba ya rasu ya bar shi a ciki, tun kafin a yanke cibi tsofaffi sun ce masa Audi. Ina roƙonki da girman zumunci kada a kira jikana da wannan suna, ko da wasa. Sunan yanka kuwa haƙƙin dangin uba ne, na kuma yanke shawara. Na wakilta ƙanena Malam Faruku ya yi masa huɗuba da sunan mahaifinsa. Takarda ba baki ba ce, don haka zan rubuta shi sau ɗaya: Lukmanu.

Ki ba Salisu amsa duk ranar da zai sauko Zuba.

Ɗan uwanki,
Dakta Usman

*

Bakori
Talata, 28 ga Satumba

Talle,

Amin wa alaikumus salam. Na ga ka sa hannu da "Dakta Usman", kamar ba a ɗakin uwata ka yi rarrafe ba. Ka yi haƙuri, ko surukuta ba ta kashe taubasantaka, kuma in ban tsokane ka ba kuka zan yi a kan takardar nan har ta ƙi karantuwa.

Allah ya jiƙan yaron nan, ya sa can ta fi masa nan. Na karanta wa Sumayya wasiƙarka, na tsallake wajen tifa. Ta karɓa ta karanta da kanta, ba ta tsallake ba. Tana cikin takaba, ƙafafunta sun kumbura, amma awo ya nuna lafiya.

Maganar Audi na ji, zan kuma tsaya a kai. Amma ka yi boko ka manta lissafin gida. In aka sa wa jaririn nan sunan ubansa, wa zai kira shi? Sumayya ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba, ba kuma yanzu za ta fara ba. Ni surukina ne, tun ranar ɗaurin aure na rufe bakina a kan sunan. Matarka ɗan farinta ne. Kai da kanka ka ce sai da direba ya cece ka. Mu huɗun nan mu ne gidan yaro, duk cikinmu babu mai iya buɗe baki ya kira shi. Jariri kuwa ba ya kwana uku babu abin kira. In na gida ba su kawo ba, na waje za su kawo, kuma ka san abin da za su kawo.

Ka dubi unguwarmu. Malam Ajuji na ƙofar masallaci, da uwarsa ta binne huɗu kafin shi aka ɗora shi kan juji don mutuwa ta raina shi, wa ya san sunansa Ibrahim? Gambo mai shayi ya bi tagwaye, Tanko ya bi mata, Cindo yatsansa shida. Kowa cikinsu an yanka masa rago da wani suna, sunan yana nan a takarda yana barci. Wanda ba a yanka wa komai ba shi ya tashi yana yawo.

Don haka zaɓi biyu ne. Ko ka canja sunan yanka, ko ka bar shi amma ka aiko da sakaye tun kafin haihuwa, mu riga tsofaffi. Ni na ga Halifa ya dace, haka yaran zamani suke yi wa mai sunan uba. In ka yarda, daga faɗowarsa zan ce "Halifa ya iso" da ƙarfi, ungozoma ta ji, maƙwabta su ji. Amma ba zan yi gaban kaina a kan jikan wani ba, sai ka ce to.

Ka gaida Hajiya. Ka ci abinci, na san halinka.

Saudatu

*

Gaduwa, Abuja
Litinin, 4 ga Oktoba

Hajiya Saudatu,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Kwana goma sha biyar ke nan da na rubuto, ban ga amsa ba. Na aika Yamusa Zuba sau biyu, 'yan kasuwar lemo sun ce ba su ga motar Salisu ba. Wannan zan ba wani malamin makaranta mai zuwa Funtuwa gobe, ya yi alkawarin miƙa ta hannu da hannu.

Na auna shirunki, na ga mai yiwuwa kin ɗauki roƙona a matsayin girman kan ɗan boko mai raina al'adar gida. Saboda haka zan faɗi dalilina, abin da ban taɓa yi ba ko da matata.

Mahaifiyata ta rasu ina da kwana uku. Kakarmu ta ce Talle, aka bi. Ban san ma'anarsa ba sai ina aji biyu, ranar da sabon malami yana kiran rajista ya tsaya a kan sunana ya ce, "Allah sarki, uwa ce ko?" Da aka tashi tara yara suka bi ni suna cewa na cinye uwata. Ke kika kore su da takalmi, wataƙila kin manta. Tun daga ranar, duk inda na faɗi sunana sai in ga fuskar mutum ta sauya. Ban taɓa shiga wuri a matsayin yaro kawai ba. Labarin mutuwa ne yake riga ni shiga. Wanda ya tausaya da wanda ya yi ba'a, a wurina ciwon ɗaya ne. A shekarar 1984 na je kotu a Zariya na yi rantsuwa aka cire shi daga takarduna. Ya fita daga takarda, amma har yau in na sauka a tashar Bakori shi ne yake tarye ni.

Na san manufar tsofaffi. Suna so duk wanda ya ji sunan ya san maraya ne, ya sassauta masa hannu, ya ƙara masa loma. A garin da kowa ya san kowa wannan rahama ce ta 'yan shekaru. Amma yaro yana girma, sunan ba ya sauka.

Don kada a sami ruɗani, ga matsayina a fili. Sunansa na yanka shi ne sunansa. Ba Audi, ba kuma wani laƙabi ko sakaye kowane iri, domin na lura ta ƙofar sakaye irin waɗannan sunaye suke shigowa. A kira shi da abin da liman ya raɗa, ba ƙari. Na rasa ɗa. Ba na so in ga an rataya wa ɗansa rashin a wuya.

Hanyar Kaduna ba ta biyuwa a kwanakin nan, likita kuma ya hana ni doguwar tafiya saboda hawan jini. Ba na jin zan halarci suna.

Usman

*

Bakori
Lahadi, 17 ga Oktoba

Talle,

Albishirinka. Sumayya ta sauka lafiya ranar Alhamis, bakwai ga wata, da hantsi, a gida, domin naƙudar ba ta jira an nemo mota ba. Namiji, mai dogayen yatsu irin na gidanku. Uwa da ɗa suna lafiya, tana wankan jego, takabarta kuma ta ƙare da haihuwar.

Amsarka ta iso mini ana gobe haihuwa. Na karanta sau uku. Na ce to, na ba shi shawarar Halifa ya mayar mini da "ba sakaye kowane iri", ko ambaton wasiƙata bai yi ba. Raina ya sosu, ba zan ɓoye maka ba, amma jikanka ne, na bi umarni. Da ya faɗo na kama bakina.

Iya Kande ungozoma ce ta yanke cibi. Tana ɗaga shi ta ce, "Sannu da zuwa, Audi, ka zo ka tarar babu mai gida." Na ce, "Iya, kakansa ya hana." Ta ce, "Wane kakan? Talle? Shi da na goya? To me za a ce masa?" Na ce sai ranar suna. Ta ce, "Kwana bakwai ina gasa wa mutum cibi ina ce masa kai? Ni ba 'yar Abuja ba ce."

Malam Faruku ya zo da azahar ya yi masa huɗuba a kunne yadda ka ce. Ranar Alhamis da ta zagayo aka raɗa suna bayan asuba, aka yanka ragon da na yi kiwo da hannuna, wanzami ya yi aski. Da maroƙi ya ɗaga murya a ƙofar gida ya faɗi sunan, Sumayya tana ɗaki, sai ta saki kofin kunu ta toshe kunnuwa. Mata suka shigo barka, wata ƙawarta ta ɗauki yaron ta kira shi da sunan yankan, ita kuwa ta fashe da kukan da ba ta yi ba ko ranar da Salisu ya kawo labari. Daga nan babu wadda ta sake gwadawa. Wa zai so ya zo barka ya sa mai jego kuka?

Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Na ce ai ranar Alhamis ya zo, a ce Ɗanlami. Iya Kande ta ce Ɗanlami uku ne a layin nan, kuma sunan rana na wanda ya zo babu labari ne. Ni ma da na tuna ka ce ba kowane iri, sai na janye. Kwana uku ina ce masa "yaron nan". Jiya da yamma yana kuka ina tuƙa tuwo, na ji bakina ya ce, "Ku ɗauki Audi mana." Ni da kaina. Na tsaya da muciya a hannu.

Ka yafe mini. Amma ka rufe ƙofa biyu ka bar mu a tsakar gida da jariri.

Saudatu

*

Gaduwa, Abuja
Asabar, 30 ga Oktoba

Hajiya Saudatu,

Ina gaishe ku, ina yi wa Sumayya barka da sauka lafiya. Allah ya raya shi a kan sunna. Hajiya ta yi sujada da ta ji, ta kuma haɗa kayan jariri da Salisu zai kawo.

Wasiƙunki biyu sun iso rana ɗaya, shekaranjiya. Motar Salisu ta lalace a Giwa, ta yi mako uku a wurin bakanike, takardarki ta 28 ga Satumba tana cikin aljihun ƙofa. Abin da kika karanta a matsayin amsa ba amsa ba ne. Ban ga shawarar Halifa ba sai da jaririn ya yi kwana ashirin da ɗaya a duniya. Da na gani a kan lokaci, da kalma ɗaya zan rubuto: to.

Na jera takardun huɗu, naki biyu da kwafin nawa biyu, a kan tebur bisa kwanan wata, na bi su kamar yadda nake bin fayil a ofis, ina neman inda kuskuren yake. Ba a wurin Salisu yake ba, ba kuma a wurinki ba. Shekara talatin da ɗaya ina kauce wa suna, sannan na ɗauke shi na ɗora wa jariri, na umarci mata uku su yi abin da ni na kasa yi a gaban gawarsa. Wannan lissafi bai kamata ya wuce ni ba.

Duk da haka ban ɗauka lokaci ya ƙure ba. Yaron bai san kowane suna ba tukuna. Na amince da Halifa, ina roƙon ki sanar da Iya Kande da maƙwabta cewa daga kakansa ne. In da hali a dafa abinci a raba, a faɗa a wurin rabon, domin a ji.

Na kuma yi wani tunani. Bakori ba za ta manta ba, na fi kowa sani. Amma a nan Abuja babu wanda ya san ma'anar waɗannan sunaye, ba kuma mai tambaya. Na gwada Yamusa, mutumin Ushafa ne, a cikin Hausawa ya tsufa. Na ce masa, in ka ji an ce Audi me za ka fahimta? Ya ce, "Oga, ba mota ba ne?" Rabon da in yi dariya tun Satumba. Saboda haka in an yaye shi, ina ganin ya dawo hannunmu. Ɗakin mahaifinsa yana nan, makarantu suna kusa, zai tashi da sunan da aka rubuta masa a rajista, ba wanda zai sauya fuska in ya faɗa.

Ina jiran ra'ayinki.

Usman

*

Bakori
Lahadi, 14 ga Nuwamba

Dakta,

Ka ga yau na kira ka yadda kake so, don ka san ba wasa a takardar nan.

Muna lafiya. Yaro ya yi ƙiba, jibi za su yi arba'in. Kaya sun iso, a yi wa Hajiya godiya.

Na yi abin da ka ce. Na dafa waina na raba gida goma sha ɗaya, kowane kwano da saƙon cewa sunan yaro Halifa, in ji kakansa. Kowa ya ce madalla. Washegari matar liman ta leƙo ta ce, "Ina Halifan, wato Audi?" Yau kwana tara, daga ni sai ni nake faɗin Halifa, kamar mai kiran ɗan maƙwabta.

Amma ba wannan ne babban abin ba. Sumayya ta karanta wasiƙarka. Ba ta ga Halifa ba, ba ta ga neman afuwarka ba, layi ɗaya ta gani: in an yaye shi ya dawo hannunmu. Ta ce, "Umma, tun bai yi arba'in ba Baba ya fara ƙirga ranar ɗauke shi?" Na ce ba haka kake nufi ba. Ta ce to me kake nufi. Ni ma na karanta layin, haka ka rubuta.

Sai ta faɗi abin da ban zata ba, ta kuma ce in rubuta maka shi yadda ta faɗa. Ta ce: "Shekarata ashirin da huɗu. Ni na sani, ku ma kun sani, ba za a bar ni haka ba, baɗi ko baɗin baɗi za a fara maganar wani. In na shiga wani gida da yaro ana ce masa Halifa, baƙo zai ɗauka halifan mai gidan ne. In ana ce masa Audi, duk wanda ya ji ya san akwai wani mutum da ya riga, dole ya tambaya wane ne, dole a faɗa masa. Ni ba zan iya faɗin sunan ba, Baba ma ba ya iyawa. To a bar mini wanda zai sa wasu su riƙa faɗa. In ya girma ya ƙi shi, ya je kotu kamar kakansa."

Na ce mata kai ka ɗanɗana, ka san zafinsa. Ta ce kai uwa ka rasa ba wanda ya maye gurbinta a bakin mutane, shi kuwa uba ya rasa, kuma uba ana maye shi da ɗaurin aure ɗaya.

Ban ce ta fi ka gaskiya ba. Na ga abin da Talle ya yi maka, ban manta takalmin ba. Amma ita take shayarwa, ita take kiransa sau ɗari a yini, kuma ta zaɓa. Ni na ajiye Halifa daga yau. Maganar yaye kuma kada ka sake rubuto ta, in kana son ta riƙa buɗe takardunka.

Saudatu

*

Gaduwa, Abuja
Lahadi, 19 ga Disamba

Hajiya Saudatu,

Ina fata kun wayi gari lafiya. Mu ma lafiya, sai dai likita ya ƙara mini ƙwaya ɗaya.

Tun da an buɗe layuka babu sauran dalilin wasiƙa, amma abin da ya faru a wayar ranar Juma'a yana bukatar bayani, kuma na fi iya bayani a rubuce. Ba layi ne ya yanke ba. Ni na kashe.

Kin kunna hoto kin nuna mini shi a cinyar uwarsa. Na ga goshin, na ga yatsun. Sumayya ta gaishe ni da ladabi kamar kullum, sannan ta juya shi ta ce, "Audi, ga Kaka, gaida Kaka." Ya juyo. Wata biyu da kwana goma, amma ya juyo, ko muryarta ya bi ko sunan, ban sani ba. Sai kika ce, "To kira shi mana, ya ji muryarka." Na buɗe baki. Sunan yankansa ba zan iya ba. Wanda uwarsa ta zaɓa ba zan yarda ba. Halifa kuwa babu wanda ya san shi a ɗakin, har shi. Na ji ina shirin cewa "kai yaro", sai na tuna wanda na saba faɗa wa haka. A nan na danna.

Na karanta maganar Sumayya sau da yawa. Ba ni da hujjar da za ta rushe ta, ita ma ba ta da wadda za ta rushe tawa, domin ita tana tsoron a manta mijinta, ni ina tsoron ranar da wani malami zai tsaya a kan rajista. Duka biyun za su iya faruwa. Ki gaya mata na janye maganar yaye gaba ɗaya; ba a kan sharaɗi ba. Yaro yana wurin uwarsa har ranar da ita ta ga dama. Ba zan sake aiko da umarni a kan abin da za a kira shi ba. Wannan ba amincewa ba ce, kada ki faɗa mata na amince. Na dai gane ba ni da iko a kan bakin mutane, har nawa.

Malam Faruku ya aiko mini da fom na rajistar haihuwa, ya ce ni ya kamata in cike. Akwai layin sunan yaro, akwai na sunan uba, suna ɗaya ne sau biyu, wannan hannuna zai iya. A ƙasa akwai layi na uku, na wani suna in akwai. Sumayya ta aiko a ce mini tana so a sa Audi a wurin. In na sa, da hannuna na mayar da irin abin da na je kotu na cire. In na bar shi fari, na yi mata abin da na ce na daina.

Fom ɗin yana kan teburina yau kwana shida, ban cike ba. Ban je Bakori ba, ban ɗauki jikana a hannu ba, kuma har yanzu ba ni da abin da zan kira shi da shi ranar da na zo.

Ɗan uwanki,
Usman